Wasa Huɗu a Tikiti Ɗaya

Duk Bakanon da ke sarin takalma a kasuwar Zhanxi Lu ya san Maidaji, ko bai san fuskarsa ba ya san ƙarar kalkuletarsa. Shekara shida ke nan yana Guangzhou yana raka baƙi kasuwa, kuma ba ya buɗe baki sau uku bai tuna maka cewa shi ba a cin sa a lissafi ba. A wannan watan kuwa kansa ya ƙara girma, domin Alhaji Sharfaddeen, mai tura kwantena uku Kano duk wata, ya ce yana neman wanda zai riƙe masa awon kaya da lodi idan ya koma gida. Maidaji ya ƙwallafa rai a kan aikin nan, har ya koma sahun gaba a Masallacin Huaisheng, daidai inda Alhaji zai gan shi.

Sai dai mutumin namu yana da ɗan abin da yake taɓawa a ɓoye. Ranar Asabar ya raka baƙo kasuwar Shiling sayen jakunkuna, ya waiga hagu da dama bai ga mai hula ba, ya faɗa shagon cacar ƙwallo. Ya zaɓi wasa huɗu a tikiti ɗaya, irin wanda sai duka huɗun sun ci ake biya. Kowane wasa da lambar da ake biya da ita: na farko 1.50, na biyu 2.00, na uku 1.80, na huɗu 3.00. Ya ajiye kuɗin China ɗari biyar, kwai ɗari biyar kamar yadda ake cewa a kasuwa. Safiyar Litinin ya duba waya, duka huɗun sun shigo.

Ya jawo kalkuleta ya tara lambobin nan, suka ba shi 8.30. Ya buga sau ɗari biyar, dubu huɗu da ɗari da hamsin. Ya yi murna har ya sumbaci na'urar. Tikitin cike yake da rubutun Sinanci da lambobi birjik, shi kuwa bayan laoban (mai shago) da meyo (babu) da shishe (na gode) babu abin da ya tsinta a harshen, don haka bai ɓata lokacinsa a kai ba.

Karɓo kuɗin ne ya dame shi. Alhaji ya fara aiken mutanensa Shiling a makon, ido ɗaya ya gan shi a bakin shagon nan, shi ke nan. Sai ya tuna da Mahamadou, ɗan Maraɗi mai sarin jaka, wanda kowa ya san yana buga cacar ƙwallo kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Ya ja shi bayan wani rumbun takalma.

"Ka ba ni dubu huɗu ka riƙe tikitin," in ji Maidaji. "Ɗari da hamsin na sama naka ne, ka sha shayi. Amma sunana kada ya fito."

Mahamadou ya duba takardar, ya duba Maidaji, ya sake duba takardar. "Mon frère, ka yi calcul ɗin nan da kyau kuwa? Ni dai ina gani kamar…"

"Kai, dakata. Ni za ka koya wa lissafi? Tun kana tallan goro a Maraɗi nake rufe cinikin miliyoyi. Za ka saya ko in nemi wani?"

"To. Na saya."

Maidaji ya cire ɗari biyar ɗinsa, ya ga ribar dubu uku da ɗari biyar, ya tafi yana jin tausayin Mahamadou da zai sha doguwar mota saboda ɗari da hamsin.

Ranar Juma'a bayan an sauko, aka cika gidan abincin Fasuma, wata 'yar Yamai mai tuwon shinkafa da miyar kuka. Alhaji Sharfaddeen na zaune a tsakiya, Maidaji a damansa yana zuba masa ruwa tun bai nema ba. Sai ga Mahamadou ya shigo da sabon agogo, ya ce wa Fasuma naman kowa yau a kansa yake. Wasu suka janye hannu don sun san asalin kuɗin, wasu suka yi kamar ba su ji ba. Aka tambaye shi dalili.

"Wani bawan Allah ne ya saida mini tikiti dubu huɗu," in ji shi. "Na je Shiling, laoban ya ƙirgo mini dubu takwas da ɗari ɗaya."

Wuri ya kaure da dariya. Wani ya ce wannan ko jaki ya fi shi, wani ya ce a nemo shi a saya masa littafin 'yan aji uku. Mahamadou ya riƙe alkawari, bai kama suna ba. Da Maidaji ya ci tuwonsa ya yi shiru, da maganar ta mutu a nan. Amma a ce an ci shi a lissafi, a gaban mutane, ko da ba su san shi ba ne? Zuciya ta ɗebe shi.

"Ƙarya ne! Dubu huɗu da ɗari da hamsin ne. Ɗaya da rabi, da biyu, da ɗaya da ɗigo takwas, da uku, a tara a gani!"

Dariyar ta tsaya cak. Babu wanda ya ambaci lambobin nan kafin shi.

Mahamadou ya ja kujera ya zauna, abin ma kamar ya ba shi tausayi. "Ba tarawa ake ba, ninkawa ake. Abin da wasan farko ya ba ka, shi ke hawa kan na biyu gaba ɗayansa. Ɗari biyar sau ɗaya da rabi, ɗari bakwai da hamsin. Sau biyu, dubu ɗaya da ɗari biyar. Sau ɗaya da ɗigo takwas, dubu biyu da ɗari bakwai. Sau uku, dubu takwas da ɗari ɗaya. Uwar kuɗin tana ciki, in ka cire ɗari biyar, bénéfice, wato riba, dubu bakwai da ɗari shida. Naka calcul ɗin na wanda ya yanki tikiti huɗu daban-daban ne, kowane ɗari biyar, shi kuwa dubu biyu ya zuba. A ƙasan takardar ma an buga 8100, kana kallo."

Maidaji ya tuna lambar. Ya ɗauka lambar shago ce. Ya ninka lambobin huɗu a kalkuleta, ta ba shi 16.2, ya buga sau ɗari biyar, ta maimaita abin da ɗan Maraɗi ya faɗa da ka. Wanda bai zaɓi wasa ko ɗaya ba ya tashi da dubu huɗu da ɗari ɗaya, ya fi mai tikitin riba. Kunya ta rufe shi, da baƙin ciki, ya rasa wanne ya fi ciwo.

"Alhaji," ya fara, "sharrin shaiɗan ne, wallahi sau ɗaya…"

Alhaji Sharfaddeen ya wanke hannu a nutse, ya goge. "Cacar tsakaninka da Ubangijinka ce, ka je ka tuba, ƙofa a buɗe take. Ni abin da ya dame ni daban. Kwali idan za a auna shi, tsawo sau faɗi sau tsayi ne. Kai da ka ga lamba huɗu ka tara, kwantena nawa za ka ce in kama?"

Ya miƙe ya gyara babbar riga, ya ce wa Fasuma nasa tuwon shi zai biya da kuɗinsa. A bakin ƙofa ya waiwayo, ya tsallake Maidaji da ido.

"Kai ɗan Maraɗi, in ka bar wannan ƙazantar, ka same ni a sito ranar Litinin. Ka zo da abin awo."