Farin Ragon Malam Hamidu

Saƙon imel ɗin da Alhaji Bawa ya rubuta wa masu sayen ragunan layya ya kusa kai tsawon huɗuba. Da ya miƙa wa Amatullahi, 'yar ƙanwarsa mai kula da shafin kiwonsa a Kalgo, sai da ta riƙe baki. Gaisuwa sakin layi uku, addu'o'i, tarihin garken tun kakansa, sannan a ƙarshe a kira waya, ko a leƙa Fesbuk, ko a amsa imel, ko a zo da ƙafa. Mai karatu zai gaji bai san abin da ake so ya yi ba.

Ta zauna ta yi masa aski. Kanun saƙon ta mayar da shi "Ragon layyarka, har ƙofar gida". Ta bar barka da Sallah layi ɗaya, da ranar rufe oda, da maɓalli guda mai kai mutum shafin hotuna: "Zaɓi ragonka".

A tsakiyar gaisuwar akwai jimla ɗaya: ban da farin rago mai baƙin kai, wannan na Malam Hamidu na Gwandu ne. Aminin mahaifin Bawa ne, kuma tun marigayin na raye ake keɓe masa rago duk shekara. Amatullahi ta ga zancen bai shafi masu saye ba, ta goge, da niyyar cire hoton ragon daga shafin. Niyyar nan a ranta ta kwana, ba ta cire hoton ba.

"Ke ɗiyata, ina sauran? Wanga ai ko gaisuwa bai kai ba," in ji Bawa, ido waje.

"Kawu, haka mutane ke karantawa."

Kuma sun karanta, abin har ya ba ta tsoro. Oda ta yi ta shigowa daga Abuja da Legas. Bawa ya tafi Dangoma neman ƙarin raguna, ya bar Ɗalha direba yana loda duk ragon da aka zaɓa.

Ana jibi Sallah Malam Hamidu ya sauka daga mota, igiya a hannunsa. Ya dubi turken da ya saba, babu komai. Amatullahi ta tuna da jimlar da ta goge. Ta duba waya: farin ragon shi aka fara zaɓa, tuni ya wuce Kontagora.

Ta juya ga Bawa, wanda dawowarsa ke nan daga Dangoma. "Kawu, jimlar Malam… ni na goge ta."

Bawa ya dubi igiyar da ke hannun tsohon. Ya ruga ya kwanto ragon da ya ajiye wa gidansa.

Tsohon ya girgiza kai. "Bar wa iyalinka, Bawa. Ba nama ya kawo ni ba."

Ya naɗe igiyar a hankali, ya sa a aljihu, ya tambayi Amatullahi inda motar Gwandu ke tsayawa, kamar bai san garin ba.