Abin da Iya ta ce a sa a takarda

Takardar ta tsaya a layi na huɗu ta ƙi motsi. Haulatu ta rubuta adireshi, ta rubuta wa shugabar ɗakin gwaje-gwaje gaisuwa, ta faɗi cewa ita ɗalibar kimiyyar sinadaran jiki ce a aji uku, tana neman gurbin koyon aiki na wata shida. Daga nan biro ya cije. Malaminsu ya ce sakin layi na biyu shi ne ran takardar, a nan za ka faɗi abin da ka iya da inda ka taɓa yin sa. Ita kuwa ina ta taɓa aiki?

Ba wai gurbi ne ya ɓace a duniya ba. Kawunta Abbas ya samo mata wani a Kano, yana ta waya ta zo ta karɓi takardar amincewa ta kai makaranta kafin a rufe karɓa. Amma Kano na nufin wata shida ba ta ga Iya ba, kakarta da ta raine ta tun rasuwar mahaifinta, wadda ciwon suga ya ci ƙafarta har ya fara taɓa ƙoda. A garinsu Daura kuwa ɗakin gwaji ɗaya ne, na wata Hajiya Rauda, aka ce yana da sauran gurbi, kuma mutum ɗaya tak za a ɗauka.

Ta je shagon Sada mai buga takardu. Ko kallon rubutunta bai gama ba ya juyo mata da fuskar kwamfuta.

"Ga ta nan a shirye, suna kawai zan canja. An ce kin yi aikin asibiti a hutu biyu, kin iya sarrafa injina, kina da ƙwazo. Kowa ita yake ɗauka."

"Ban yi ba ai, Malam Sada."

"Wa zai bincika?"

"In ta miƙo mini injin fa ta ce bismilla?"

Sada ya ɗaga kafaɗa. "To rubuta gaskiya, ki yabi kanki."

Nan ma ɗin dai gizo ke saƙa. Yarinyar da aka raina da "yabon kai jahilci" tun tana tatata, yau a ce ta zauna ta jera wa baƙuwa kirarin kanta? Kunya ta ishe ta, ta naɗe takardarta ta koma gida ranta a jagule.

Ta tarar da Iya a tabarma ƙarƙashin darbejiya, Yelwa maƙwabciyarsu tana yi mata fifita. Yelwar ce ke kula da tsohuwar in Haulatu tana makaranta, sai dai ita ko allura ta gani sai ta runtse ido. Haulatu ta wanke hannu, ta ɗauko na'urar awon suga, ta kama yatsan Iya.

"Ga ta nan, uwar iyayi," in ji Iya. "Yelwa, kin ga azabar da nake sha? Shekara uku ke nan, in dai tana gari ja'irar nan ba ta taɓa barin yatsana ya huta ba. Lokacin da malamansu suka yi dogon yajin aiki kuwa na ga ta kaina. Ta soke ni, ta rubuta, ta soke ni, ta rubuta. Ranar nan ɗan tsinken awon ya wuce kwanansa da kaɗan, na ce yi amfani da shi mana, ta ce sam. Maganin allurar nan kuwa, da babu wuta, a leda ta ƙulle shi ta binne a jiƙaƙƙen yashi gindin randa, kamar ƙwan zabo. Ko likita sai da ta tsare shi da tambaya, wai lambar safe ba ta yi daidai da ta yamma ba. Taurin kai kamar na ubanta, Allah ya jiƙansa."

Haulatu ta tsaya da auduga a hannu. Tsakanin kaka da jika zagi ai gaisuwa ne, ta saba jin wannan kamar yadda ta saba jin kiran salla. Yau ne kawai ta saurara.

Da la'asar ta zauna ta rubuta, da Turanci kamar yadda ake so. Ta ce ba ta taɓa aiki a ɗakin gwaji ba in ban da darussan gwaji na makaranta. Ta ce amma shekara uku tana auna sugan wata mai jinya a gida, tana ajiye sakamako da kwanan wata, tana duba ranar lalacewar kayan awo, tana adana maganin allurar suga, wato insulin, inda ba firji. Ta faɗi abin da take son koya, wato gwajin ƙoda da na hanta, da ranar da za ta iya farawa. Ta rufe da godiya. Shafi ɗaya bai ma cika ba. Sada ya buga yana taɓe baki, ta sa hannu, ta haɗa da takardar gabatarwa ta makaranta da kwafin katinta na ɗaliba, ta kai ɗakin gwajin.

Hajiya Rauda mace ce mai ƙarancin fara'a. Ta karanta a tsaye, ta sake karantawa a zaune. A gefen teburinta ga wasu takardun a jere, Haulatu ta hango na sama ta gane aikin Sada.

"Wace ce mai jinyar?"

"Kakata ce, Hajiya."

"Nan ƙarfe takwas ake buɗewa, ba a tashi sai la'asar. Ba na son a riƙa ce mini tsohuwa ba lafiya an tafi gida. Wa zai yi mata?"

Gaskiyar da Haulatu ta rubuta ce ke neman kayar da ita.

"Awon safe da allura kafin in fito ne, na yamma in na dawo. Da rana akwai maƙwabciya. Ranar da abin ya fi ƙarfinta zan faɗa miki, ba zan ɓoye ba."

"Kina tsammanin ranar za ta zo?"

"Za ta zo, Hajiya," ta ce.

Hajiya Rauda ta jawo takarda mai tambarin wurin, ta rubuta amincewa, ta buga hatimi.

A gida Iya ta ce lallai sai an karanta mata abin da aka faɗa wa mutane har suka yarda da wannan fitinanniya. Haulatu ta zauna a gefen tabarma tana mayar mata da shi Hausa layi-layi. Da aka kai kan yashin gindin randa, Iya ta ɗaga hannu.

"Wa ya gaya musu wannan?"

"Ke mana."

"Ni zaginki na yi, 'yar nema."

"Shi na rubuta."

Iya ba ta yi dariya ba. Ta juya fuska wajen katanga, ta goge ido da bakin zane, tana cewa hayaƙin murhun Yelwa ne. Haulatu ta ji tausayi da tsoro sun cika mata ƙirji.

"Yanzu Kanon an fasa ke nan?" in ji Iya.

"An fasa."

"Wata nawa kika ce?"

"Shida, Iya."

Tsohuwar ta dubi kumburarrun ƙafafunta, ta miƙo yatsa da kanta tun ba a tambaye ta ba.

"Shida da yawa," ta ce. "Amma zan yi ƙoƙari in jira ki gama."