Koren Gemun Malam Habibu

Malam Habibu ya shekara talatin da biyar yana sa hannu a takardun gwamnati, amma ranar da 'yarsa Nafisat ta rataya wani koren yadi a bangon ɗakinsa ta ce ya zauna a gabansa, sai ya ji kamar yau ya fara shiga makaranta.

Ga abin da ya kai su ga haka. Wata bakwai ke nan da ya yi ritaya, dole ya bar gidan gwamnati na Unguwar Sarki ya koma ɗaki biyu a wani gidan haya a Unguwar Dosa, inda duk wajen da ka juya sai igiyar shanya da jarkoki da ƙarafunan mai walda. Ɗansa Sharhabil, wanda ke karatu a ƙasar waje, bai san da zancen ba, don uban ya hana kowa ya faɗa masa. Cewarsa kada a ɗaga wa yaro hankali, amma gaskiyar magana kunya ce ke cin sa. To sai ga shi an yi wa Sharhabil haihuwa, ya roƙi Baba ya aiko da bidiyon addu'a a nuna wa baƙi ranar suna.

Nafisat tana sayar da jakunkuna ta waya, ta saba da irin wannan aiki. Ta ce tana da tsohon hoton falonsu, za ta cire duk abin da ke bayan Baba a bidiyon ta sa falon.

"Ki cire shi ki kai shi ina?" in ji Malam Habibu.

"Ba inda zan kai shi, Baba. Wayar zan nuna wa launin yadin nan, duk inda ta ga kore sai ta goge, hoton falo ya fito a wurin."

Ya gyaɗa kai irin na wanda bai gane komai ba. Ya sha farar shaddarsa da ta sha bugu har tana ɗaukar ido, ya kafa hula zanna bukar, ya jingina da yadin, ya yi addu'a mai tsawo da murya irin ta manya.

Da ta nuna masa, sai da ya yi salati. Ga shi kam a falonsa, amma hularsa duk huji, ana hango labulen falon ta cikin kansa. Bayansa kuma wasu baƙaƙen dabbare-dabbare na yawo kamar bango ya sha ruwa.

"Nafisatu, wa ya huda min kai?"

"Zaren hular ne, Baba, akwai kore a ciki. Waya ba ta san hula ba, launi kawai ta sani. Wancan kuma yadin ne ya yamutse, ga rana ta bugi rabinsa, ya zama kore kala uku."

Babu wuta, sai da aka hura gawayi aka goge yadin, aka ja shi sosai aka kafe da ƙusoshi, aka saki labulen taga don haske ya daidaita. Ya sauya hula, ya sake zama, ya sake addu'ar daga farko, wannan karon da ɗan sauri.

Kai ya dawo cikakke. Sai dai gemun nan nasa fari fat ya koma kamar an tsoma shi a miyar kuka, kafaɗun riga da gefen kunnuwa duk sun yi wani koren zobe. Malam Habibu ya shafa gemunsa ya duba tafin hannunsa, babu komai. Ya tashi ya leƙa madubi, gemu fari. Ya dawo ya kalli waya, gemu kore. Nan fa kansa ya ɗaure gaba ɗaya.

"Yadin nan zuba yake yi?"

"Ba ya zuba. Haske ne ke bugun sa ya dawo kanka. Ka manne da shi, ga rigar tana ƙyalli, duk ta kwashe."

"To ki ce wa wayar ta goge."

Ta ja wani ɗan layi da yatsa don ƙara ƙarfin gogewar. Koren ya tafi, ya tafi da rabin gemu da kafaɗa ɗaya. Ta mayar da layin baya, gemu ya dawo da korensa. Haka suka yi ta yi, gaba da baya, uban yana kallon kansa yana ɓacewa yana dawowa, har ya ce ta dakata jiri yake ji.

"Dole ka matsa gaba, Baba, ko taku uku ne."

Taku uku a ɗakin nan cikin gado zai kai shi. Babu yadda za a yi sai a tsakar gida, wurin da Malam Habibu ya fi ƙi a duniya, don tun zuwansa bai taɓa zama a ciki ba, wucewa yake yi kansa a sama. Ya yi ta gunaguni, amma suna saura kwana biyu.

Washegari da safe, kafin rana ta leƙo, suka ɗaura yadin a igiyar shanya cikin inuwar katanga. Maƙwabciyarsu Balaraba ta kwashe wankinta, ta riƙe ƙasan yadin kada iska ta kaɗa shi, ta kuma aika aka roƙi mai walda ya ɗan tsagaita. Ba ta tambayi dalili ba, abin da ya ƙara wa dattijon kunya. Nafisat ta sa shi ya cire shaddar ya sa wata tsohuwar riga ruwan ƙasa marar ƙyalli, ya cire tabarau, ta ajiye kujera nesa da yadin. Ta jingina wayar a kan turmi, ta danna fuskarsa a allon ta riƙe har hasken ya tsaya wuri ɗaya.

"Kada ka riƙa wurga hannu da sauri, Baba, gefen yatsun zai dushe ya kwashi kore."

"Addu'ar ma sai an koya min?" Amma ya ɗaga hannuwan a hankali.

Da ya zo kan sunan jaririn, wanda aka yi masa takwara, sai da ya ɗan tsaya. Nafisat ta yanke gefe da gefe inda jarkoki suka leƙo, ta ɗauki launin, ta ɗan taɓa wani layi na rage koren da ya rage a gefe. Ta miƙa masa.

Babu abin da za ka ce. Gemu fari har silin ƙarshe, ga kujerun falo, ga agogon bango, ga shi zaune kamar bai taɓa tashi ba. Ya kalla sau uku. Ya rasa ko daɗi yake ji ko baƙin ciki, ya dai ce Allah ya yi mata albarka, ta tura.

Bayan la'asar amsa ta zo, saƙon murya. Nafisat ta kunna, muryar Sharhabil ta cika ɗakin da murna.

"Baba, wallahi na yi kuka. Ka san har wani ya ce min wai kun tashi daga gidan, na kwana biyu ba barci, na kasa tambayarka. Yanzu da na ga falonmu hankalina ya kwanta. Na riga na nuna wa surukaina, na ce nan za mu sauka. Bayan arba'in muna nan tafe da takwaranka, har da iyayen matata Aziza. A share mana ɗakina da na baƙi."

Saƙon ya ƙare. Can waje mai walda ya ci gaba da aikinsa. Malam Habibu ya dubi gado, ya dubi akwatunan da ke jibge har rufi, ya dubi 'yarsa, ita kuwa ta sunkuyar da kai.

"Ina ake dannawa a kira shi, ya gan ni in gan shi?"

Ta nuna masa. Ta tashi za ta ɗauko yadin, ya ce ta bar shi. Ya fita tsakar gida da wayar a hannu, ya zauna a kan turmi, wankin Balaraba na ɗiga a bayansa, ya danna.