Ɗaya ga Wane Wata?

Shekara shida ke nan ina aikin wakilcin wani kamfanin inshora a Birnin Kebbi, kuma a cikin shekarun nan ban taɓa samun mai sauƙin sha'ani irin Kawu Basharu ba. Yayan mahaifiyata ne, yana sayar da takin zamani a Gwandu. Da ƙyar na shawo kansa ya yi wa sitonsa inshorar gobara da iska da ruwa, sai da ya tambayi malamai uku tukuna. Amma tun da ya yarda, shi ke nan. Duk takardar da na miƙa masa, hannu kawai yake sawa. Ba ya karanta boko, kuma bai taɓa cewa wani ya duba masa ba. Ni ce idonsa a kan takarda, kowa a gidan ya san haka.

Wata Asabar, ana saura mako biyu babbar Salla, na je Gwandu gaida Inna, mahaifiyata, sai ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure a kan buzunsa, rediyo na ta surutu ba mai saurare.

"Hafsatu, na kama sito a Kalgo," ya ce. "Mutanen Diggi, can gefen Kalgo, sun gaji da zuwa har nan. Kamal zai zauna can. Buhu ɗari biyar za mu kai. Takardar taku ta isa can ko?"

Kamal babban ɗansa ne, mai mata da 'ya'ya biyu. Na ce takardar ba ta isa ba. Na yi masa bayani cewa inshorarsa sito ɗaya ta sani, na Gwandu, wanda aka rubuta adireshinsa a ciki. Duk kayan da aka ajiye a wani wuri dabam, ba ruwan kamfani da su, sai an nemi takardar ƙari, an shigar da sabon wurin, an faɗi ranar da zai fara, an biya kuɗin kwanakin da suka rage a shekara.

"To, a nema," ya ce.

Na fito da fom daga jaka. A gajiye nake tilis, don tun safe nake cikin mota, ga zafin da ke zuwa kafin ruwa ya sauka. Na tambaye shi ginin, ya ce bulo ne da rufin kwano. Akwai mai gadi? Akwai. Buhunan a ƙasa za su zauna ko a kan katako? A kan katako. Kamal ya turo mini hotuna ta waya da kwatancen wurin. Darajar kaya naira miliyan ashirin. Sai na zo layin ranar farawa.

"Kawu, yaushe kaya za su shiga?"

"Ɗaya ga wata, in Allah ya so."

Na rubuta ɗaya ga Yuni. Wallahi ko ɗaga kai ban yi ba. Ya karɓi biro ya sa hannu da ajami kamar yadda ya saba, ya ce in gaida Inna.

Ran Litinin na kai fom ofis. Muzzammil, wanda ke duba haɗari yana yanka farashi, ya kalli hotunan ya ce ba sai an je gani ba. Ya buga lissafi: a shekara sito irin wannan dubu saba'in da uku ne, wato naira ɗari biyu kowace rana. Inshorar Kawu tana ƙarewa ƙarshen Disamba, daga ɗaya ga Yuni kwana ɗari biyu da goma sha huɗu ke nan, dubu arba'in da biyu da ɗari takwas. A wurinmu ba biya, ba kariya, don haka na kira Kamal ya turo kuɗin a ranar. Talata takardar ƙari ta fito da lambarta, da adireshin Kalgo, da ranar farawa, da layin nan da ke cewa sauran sharuɗɗa suna nan yadda suke. Na tura wa Kamal a waya. Ya amsa da hoton babban yatsa. Har na yaba wa kaina, na ce aiki cikin kwana uku, wa ya kai ni.

Ran Juma'a bayan la'asar aka yi iskar nan. A Birnin Kebbi ma sai da ta karya mana reshen darbejiya a bakin ofis. Ruwa bai gama tsayawa ba Kamal ya kira.

"Yaya Hafsat, kwano ya tashi. Rabin rufin ya tafi. Taki yana cikin ruwa."

"Wane taki?"

"Na Kalgo mana!"

"Kamal, me ya kai taki Kalgo yau? Ba sai jibi ba?"

"Wane jibi? Tun shekaranjiya muka fara jida, ran Laraba. Ɗaya ga wata, kamar yadda Baba ya gaya miki."

Na kalli kalandar bango. A ƙasan ashirin da takwas ga Mayu, da ƙananan baƙaƙen da ban taɓa kulawa da su ba, an rubuta ɗaya ga Zulhajji. Inna lillahi. Kawu da watan sama yake ƙirga komai, haihuwar 'ya'yansa, zakkarsa, har ranar biyan mai gadi. Ni da na tashi a gidansa, na fi kowa sanin haka.

Da safe na hau mota zuwa Kalgo. Siton yana bayan wani injin niƙa. Kwanon ya naɗe ya faɗa gonar maƙwabci. A ciki, buhunan sama sun jiƙe sharkaf, farin takin ya narke yana bin ƙasa kamar an zubar da koko, wari na shiga ido. Leburori na ware masu sauran amfani. Kamal ya ce sun ƙirga ɗari uku da 'yan kai da suka lalace.

Kawu yana zaune a kan benci a waje, ya taho tun asuba daga Gwandu. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa jaje.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ai don irin wagga rana munka yi takarda. Mi za a kawo musu, hotuna?"

Na so ƙasa ta buɗe. Amma ba wanda zai faɗa masa in ba ni ba, don haka na faɗa. Na ce takardar ta ce ɗaya ga Yuni, wato gobe Lahadi. Ran Juma'a siton Kalgo bai shiga ba tukuna.

Ya ɗago ya dube ni.

"An biya kuɗi?"

"An biya, Kawu. Amma na kwanakin da suka fara daga gobe ne."

"Da kin rubuta Laraba, nawa za a ƙara?"

"Naira ɗari takwas."

Ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar.

Kamal ya ja ni gefe, bayan injin niƙa. Ya ce shi ma da laifinsa, bai buɗe takardar ba, ya ga na turo ya ɗauka an gama. Sannan ya rage murya.

"Yaya, gobe ma ga alamar hadari. Mu bari sai Litinin mu kai rahoto, mu ce ran Lahadi abin ya faru. Wa zai sani?"

"Duk Kalgo," na ce. "Mai binciken asara zai zo, zai tambayi mai niƙa, zai tambayi mai gadi. In ya gano, ba Kalgo kaɗai ba, har inshorar Gwandu za a soke, ni kuma a kore ni."

Gaskiya na faɗa masa, amma ba zan ɓoye ba, sai da zuciyata ta ɗan tsaya a kan maganar. Na gaji, kuma ina son mafita ko wace iri ce. Kawu ne ya raba gardama daga kan bencinsa, ashe yana jin mu.

"Kamalu, ran Juma'a anka yi ruwa. Kowa ya gani, Allah ya gani. Zo ka kama buhu."

Litinin na shigar da rahoto da ranar gaskiya. Na rubuta wa manaja doguwar wasiƙa, na ce kuskuren nawa ne, wanda aka yi wa inshora ya faɗi rana da lissafin watan Musulunci, ni na fahimce shi da na boko. Na roƙi a mayar da ranar baya, a karɓi cikon kuɗin. Manaja ya cire tabarau ya murza ido.

"Hafsat, kin san ba a mayar da rana baya bayan asara ta faru. Wane kamfani ne zai karɓi ɗari takwas yau don ya biya miliyan goma sha biyu na ran Juma'a? Ga fom, ga rana, ga sa hannunsa."

Na ce to a roƙi hedikwata ta yi wa Kawu alheri, ko da wani abu ne, tun da shekara shida bai taɓa neman ko sisi ba. Ya ce zai tura. Ya kuwa tura. Na yi ta kira, yau a ce mai sa hannu ya tafi hutun Salla, gobe a ce kwamiti bai zauna ba. Sallar nan ban je Gwandu ba, na ce wa Inna aiki ya yi yawa. Bayan mako uku amsa ta zo, layi huɗu: suna jajantawa, amma a ranar asarar wurin ba ya cikin inshora.

Da kaina na kai masa. Zauren yana nan yadda yake, sai dai an jibge sauran buhunan Kalgo a gefe, wajen ɗari da tamanin, an rufa musu tamfol. Na karanta masa wasiƙar na fassara. Na ba shi haƙuri, ina kuka kamar ƙaramar yarinya, abin da ban yi niyya ba.

"Bari, ɗiyata," ya ce. "Abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranarsa. Na mayar wa mai sito da makullinsa. Ba ni da abin da zan zuba a ciki. Sai ki cire Kalgo daga takarda."

Na share ido na fito da wani fom. Na ce za a yi wata takardar ƙari a cire wurin, a mayar masa da kuɗin kwanakin da suka rage. Na rubuta ranar, na faɗa masa da baki, ta boko da ta Musulunci, har da sunan ranar mako. Na miƙa masa fom da biro.

Ya karɓi fom ɗin, biron kuma ya bar shi a hannuna. Ya leƙa cikin gida.

"Kamalu! Zo ka karanta mini wagga takarda."

Kamal ya fito, ya ƙi haɗa ido da ni. Ya tsuguna kusa da babansa ya fara daga sama, daga sunan kamfani, yana bin kowane layi da yatsa yana fassarawa a hankali. Shafi biyu ne. Na zauna riƙe da biro har ya gama.