Daƙiƙa Arba'in Na Fasto Azariya

A layin masu citta a kasuwar Kafanchan Malama Afiniki ta ji zancen: wai Fasto Azariya na ekkilisiyarsu ya zagi 'yan Katolika a bidiyo. Kafin ta kai gida an ba ta wani: wai 'yan Katolikan ne suka haɗa muryar don su ɓata shi. Shekara talatin tana hedimistires, ba ta taɓa hukunta yaro a kan "wai" ba.

Sai ga kiran Doreen, 'yarta da ke aure a gidan Katolika a Fadan Kagoma.

"Mama, surukina ya ce ran Lahadi kada ɗan cocinku ya taka wurin baftismar Lucy. Har ke."

Lucy, jikarta ta fari. Afiniki ta sa tabarau ta buɗe bidiyon a shafin cocinsu. Daƙiƙa arba'in ne, da jan rubutu a sama: FASTO YA FASA ƘWAI. Ga Fasto kuwa yana cewa, "Baftismar jariri wanka ne kawai." A ƙasa zagi ya haura ɗari uku, har wani na cewa a haɗu a bakin coci.

Sau biyar ta kalla. Bakin Fasto a buɗe yake tun kafin kalmar farko. Akwai abin da ya riga ta.

* * *

Ɗanta Silvanus ke riƙe kyamarar coci.

"Buɗe mini na asalin."

"Mama, minti talatin ne fa. Wa zai kalla? Shi ya sa ban ma ɗora ba."

"Ni zan kalla."

A minti na tara Fasto ya ce, "Za ku ji wasu cikinmu suna cewa baftismar jariri wanka ne kawai. Wannan raini ne, kada in ƙara jinsa." Daga nan ya kawo ayoyin da kowane ɓangare ke dogara da su, kafin ya ce su dai sai mutum ya furta bangaskiya da bakinsa ake nitsar da shi.

"Goge wancan daga shafin coci," in ji ta.

"Na goge, amma ya riga ya shiga wayoyi."

"To ɗora wannan. A'a, tsaya. Sai masu abin sun gani."

* * *

Katekis Justin na cocin Katolika bai ba ta kujera ba, ita da Silvanus, sai da ya tuna ta koyar da shi a aji huɗu. Ya kalla har ƙarshe, fuska a ɗaure, ita kuma tana murza bakin gyalenta.

"Bai zage mu ba," ya ce. "Amma ya ce a wurinmu ba a tambayar yaro komai. Ba haka ba ne, Malama. Iyaye da iyayen baftisma ke ɗaukar alkawari, in yaro ya yi wayo ya tabbatar da bakinsa."

Nan take ta kira Fasto. Ya amince a rubuta gyaran a allon farko na bidiyon, da kalmomin Katekis, ba nasa ba. Taken bidiyon ma sai da aka ja a kansa. Silvanus ya so "Wa Ke Da Gaskiya?"

"Dambe ka shirya?" ta ce. "Rubuta: Baftisma, yadda kowa ya fahimce ta."

Ba sunan wani coci a taken. Aka saita sharhi kada ya fito sai an duba shi, aka kafe neman gafarar Fasto a sama, ta hana a mayar wa kowa martani.

"Zan tura wa surukin Doreen da hannuna," in ji Katekis. "Amma wanda ya yanke wancan, Allah ya tona shi."

Silvanus ya sunkuyar da kai. Afiniki ba ta ce amin ba.

* * *

Ran Lahadi an bar ta ta shiga. Benci na ƙarshe ta samu, matar da ke gefenta ta ja zane ta matsa. Daga nan ta ji kukan Lucy lokacin da ruwa ya taɓa goshinta, ba ta ga fuskarta ba.

Da ta fito ta duba wayarta. Cikakken bidiyon mutum ɗari biyu da shida suka kalla. Guntun, a shafukan da suka kwafa, ya wuce dubu arba'in.

Fasto bai zagi kowa ba. 'Yan Katolika ba su haɗa komai ba. Kafin a ɗora shi, na asalin a kwamfuta ɗaya kaɗai yake, a ɗakin Silvanus, kuma shi ya yanke guntun.