Masan Gidan Mushe Amusu

Ranar da daɓen masai ya rufta da ƙafar Inna, 'yarta Zuwaira tana bakin titi tana kwashe tuwon sayarwa. Kafin ta iso, matan gidan hayar sun jawo tsohuwar, ƙafa ta karye a ƙwauri, zani duk ƙazanta. Tun damina Zuwaira ke nuna wa mai gida tsagewar daɓen nan. Mushe Amusu, wato Malam Amusu a bakin masu Faransanci, tsohon ma'aikacin kwastan, iyayensa 'yan Benin ne amma a Yamai aka haife shi, kuma yana jin Hausa sarai in zai karɓi haya. In an zo batun gyara ne kunnensa ke toshewa.

"Madam, magana iska ce," haka yake cewa. "Ki rubuto mini. Da Faransanci."

Ya san ba ta yi lakkal ba, wato makarantar boko. Abin da bai sani ba, ta yi ajin yaƙi da jahilci a Tasawa kafin ta zo unguwar Bukoki a Yamai. Da ta dawo da Inna daga wurin ɗori, ta yago takarda ta cika ta gaba da baya, tana danna biro har yana huda ta. Washegari ta nufi bakin kotu, inda marubuta ke jere da teburansu. Ta zaɓi Malam Ilu, don ta ji yana amsa gaisuwa da Hausar Damagaram.

Malam Ilu ya gyara tabarau, ya karanta har ƙasa, ya dube ta.

"Hajiya, wannan ai wuta ce kika kawo mini."

"Wutar nake so ka juya. Kada ka rage ko harafi."

Ya tambaye ta cikakken sunan mai gidan, lambar ƙofa, ranar da abin ya faru, da ko tana riƙe da takardun biyan haya da ta likita. Ta zazzage su daga leda. Ya zura takarda a keken rubutu ya yi ta bugawa, ita tana kaɗa ƙafa. Da ya gama ta ce ya mayar mata da Hausa ta ji.

"Na sa gari da kwanan wata, sunanki, sunansa, da dalilin wasiƙa. Sai na ce: Mushe, ina mai girmamawa wajen sanar da kai..."

"Girmamawa? Wa? Shi?"

"Haka ake buɗewa."

"Ni da na buɗe da azzalumi, macuci, mai cin gumin marayu? Ina ka kai su?"

"Na bar su a takardarki."

Ya ci gaba. Ya rubuta cewa ta sha sanar da shi da baki, cewa babban gyara irin wannan a wuyan mai gida yake, cewa mahaifiyarta ta karye ga shaidar likita, kuma ta ba shi mako biyu ya gyara, in ba haka ba za ta kai ƙara hukumar tsabta ta gari da kotu. A ƙarshe tana roƙonsa ya karɓi gaisuwarta ta musamman.

Zuwaira ta miƙe tsaye. "Gaisuwa! Uwata na kwance tana fitsari a kwano, ni kuma ina gaishe shi? Malam, nawa ya ba ka? Ina inda na ce wallahi sai na ga bayansa?"

"Zauna, 'yar uwa. In na juya wannan, da Faransanci barazanar kisa ce. Gobe ke za a kira ofishin 'yan sanda, a manta da masai. Zagin kuma shi yake jira, ya kai wa alƙali ya ce ga irin 'yar hayar da yake fama da ita. Gaisuwar nan ko wanda za a ɗaure ana rubuta masa ita."

"To ni ban san wannan matar ta cikin takardarka ba. Mai ladabi, kamar ta zo roƙon gishiri."

"Ita ce za a saurara."

Ta sa hannu tana huci, a kan kwafi biyu. Ya ce ɗaya ta ba mai gidan, ɗaya ya sa mata hannu da kwanan wata ta riƙe. Ta karɓe tata ta Hausa ta cusa a ɗaurin zani.

Ta iske Mushe Amusu a barandarsa da rediyo. Ya karanta yana gyaɗa kai, har da murmushi.

"Kai, Faransanci mai kyau. Wa ya rubuta miki? Kin ga yadda mutane ke magana. To, zan duba."

"Sa hannu nan."

"Ba na sa hannu a takardar bakin titi."

Nan abin da ta haɗiye tun safe ya taso. Ta zaro tata, ta tsaya tsakiyar farfajiya, ta karanta da ƙarfi tun daga azzalumi. Matarsa ta leƙo, mai wanki ya saki guga, maƙwabta suka ɗago kai ta katanga. Da ta iso kan ganin bayansa sai ta tuna da Malam Ilu, ta cije leɓe, ta tsallake layin.

"Fita mini daga gida!" ya daka mata tsawa, da Hausa tsantsa.

"Ashe kana ji! Yau kunnen ya buɗe?"

Daga can gidan waya ta wuce, yadda Malam Ilu ya ce ta yi in ya ƙi. Ta sa aka yi hoton kwafinta, ta aika masa ta hanyar da dole mai karɓa ya sa hannu a dawo mata da shaida. Wa'adi ya cika ba ko buhun siminti. Ta ɗauki kwafinta da shaidar ta kai hukumar tsabta. Sai da ta yi sawu har takalminta ya tsinke kafin ma'aikata biyu su zo, su leƙa ramin suna toshe hanci, su rubuta wa mai gida sammaci. Cikin 'yan kwanaki magina suka zuba sabon daɓe, har da ƙofar kwano.

Ba a gama murna ba ma'aikacin kotu ya kawo mata tata takardar. Malam Ilu ya karanta mata: ɗan mai gida zai dawo daga Kwatano, ana bukatar ɗakinta, an ba ta wata uku. Ya ce za a iya ja, amma shari'ar za ta daɗe, kuma tana iya faɗuwa.

Ta zagaya ɗaki ɗaki tana neman wanda zai shaida cewa korar ramuwar gayya ce. Kowa ya sunkuyar da kai. Wani mai gyaran babur da ke haya a gidan ya ce shi baƙo ne. Gambo, wadda suka shekara bakwai suna raba wuta, ta ce mijinta ya hana.

Ranar tashi, aka ɗora tukwane a amalanke, aka kwantar da Inna a kan katifa a saman kaya. Gambo ta fito daga sabon masan da buta a hannu, ta tsaya tana murza ido.

"Yaya Zuwaira, sai haƙuri. Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Zuwaira ta dubi butar, ta dubi Gambo.

"Ki riƙe haƙurinki, zai yi miki amfani. Rufin ɗakinki na yoyo, na gani."

Ta ce wa mai amalanke ya ja a hankali saboda ƙafar tsohuwa, ta bi bayansa da murhu a ka, ba ta yi wa kowa sallama ba.