Sharar Mako Ɗaya

Shekara huɗu tana share shagon cacar ƙwallon da ke bakin titi, kuma a shekarun nan ba wanda ya taɓa neman jin ra'ayinta sai malamin lissafi. Maƙwabcinsu ne. Ya ga ɗalibansa sun fi sanin sunayen ƙungiyoyin ƙwallo a kan jadawalin sau, sai ya roƙe ta ta zo ta yi musu magana.

"Malam, ni da ban gama firamare ba?" in ji ta.

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo," in ji shi. "Ni allo na sani, ke kuwa kin san ƙasan shagon."

Da ba don Auta ba, da ta ƙi. Auta ɗanta ne, shekararsa sha shida, yana aji biyar a sakandaren da malamin yake koyarwa. Tun yana ƙarami, duk takardar da ta shiga hannunsa sai ya naɗe ta mai kusurwa uku, ya cusa wutsiyar ciki. Wata biyu ke nan tana tsintar irin wannan naɗin a cikin shararta ta safe. Doka ta hana wanda bai kai sha takwas ba yin caca, amma mai yanka tikiti na yamma ba ya tambayar shekarun kuɗi. Ta san halin ɗanta: in ta yi masa faɗa a gida zai rantse, ya sauya shago kawai. Tsoronta shi ne ta rasa shi yana zaune a gabanta, kamar samarin da take gani sun ƙura wa talabijin ɗin shagon ido har fitsari ya matse su.

Da Auta ya ji za ta zo makarantarsu, sai ya ture kwanonsa.

"Umma, don Allah ki bari. Ce musu na yi a kamfani kike aiki."

"Ai ba ka yi ƙarya ba," in ji ta. "Kamfani ne, har da tsintsiyarsa."

Ranar ta shiga ɗakin taro da buhu a ka, tsintsiya a hammata, don daga aiki ta wuce. Ɗalibai kusan ɗari biyu suna zaune a kan benci, fanka ɗaya na juyawa, ɗayar kuma ta daɗe da yin murabus. Ta hango Auta can baya kusa da taga, ya sunkuyar da kai yana ta nazarin takalminsa. Abin ya sosa mata rai, amma ta haɗiye.

"Wa ya ga allon tallan da ke gaban makarantarku?" ta tambaya.

Kowa ya gani. Wani saurayi ne da mota sabuwa, yana dariya har kunne, an rubuta cewa da ɗari ɗaya ka zama miloniya.

"To, wannan fuskar shagon ce. Ni bayansa na kawo muku."

Ta kwance bakin buhun ta zazzage. Tikitoci suka zubo, suka yi tsibi har ƙaurinta, fanka ta kwashi wasu ta watsa ƙarƙashin benci.

"Sharar mako ɗaya ce, ta shago ɗaya. Kowace takarda kuɗin wani ne. Manajanmu mutumin kirki ne, bai taɓa yi mini tsawa ba sai a kan abu ɗaya: in na bari takarda ta taru a ƙasa. Duk sa'a sai na share. Da fari na ɗauka tsabta ce ta dame shi, sai na lura bayan gidan shagon ya fi na tasha wari, bai kuma taɓa cewa uffan ba."

Dariya ta tashi. Ta jira ta lafa, sannan ta ce su ɗauka su nemo mata wanda ya ci.

Wata yarinya mai tabarau ta ɗaga hannu. "Mama, ai wanda ya ci ba zai yar da nasa ba, zai kai a biya shi."

"Allah ya yi miki albarka, kin fi manajanmu kai. Gaskiya ne, ana ci, ana kuma biya. Ƙananan ci kullum ana yi, yawanci mai shi ko ƙofa ba ya kaiwa sai ya mayar da su. Manyan kuwa hotonsu ake yi a manna a bango, inda ido zai fara sauka. Ni ke goge musu ƙura. Bana guda sha ɗaya ne. Su a bango, waɗannan a bola. Talla ma haka take, bangon take ɗauka, ta bar ƙasan."

Malamin lissafi ya miƙe ya ɗauki alli. Ya ce a ɗauka wasa ne da ba canjaras, ƙarfi kuma ya zo ɗaya. Wannan ya sa ɗari a kan ƙungiya ɗaya, wancan ya sa ɗari a kan ɗayar. Kamfani ya karɓi ɗari biyu, ya ba wanda ya ci ɗari da casa'in. Ko wa ya ci, goma ta zauna.

"Shi kamfani ba caca yake yi ba," in ji shi. "Ku ke yi."

Wani dogon yaro ya ɗago tikiti mai tsawo kamar igiyar takalmi. "Wannan wasa ɗaya ne kawai ya yanke shi. Saura ƙiris."

"Rabin masu fita daga shagon abin da suke faɗa ke nan," in ji ta. "Wasa goma ya haɗa, kuma sai duk goman sun zo daidai. Tara da sifili kuɗinsu ɗaya. Amma mai tara shi ne gobe yake riga ni zuwa bakin ƙofa."

Malamin ya ƙara da cewa in kowane wasa kamar jefa kwabo ne, cin goma a jere sau ɗaya ne cikin dubu da 'yan kai. Shi ya sa ake buga abin da za ka iya ci da manyan baƙaƙe, yiwuwar cin kuwa ba a buga ta ko da ƙanana.

Sai ta duƙa ta tsinto guda daga cikin tsibin, mai kusurwa uku. Ba ta kalli bayan ɗakin ba.

"Wannan na san mai shi. Ba zan faɗi sunansa ba, don ba ɓarawo ba ne. Kuɗin motarsa na makaranta yake sakawa, ya taka da ƙafa. Na tabbata so yake ya ci ya ce wa uwarsa ta ajiye aiki ta huta. Guda talatin da bakwai na tsinta. Da zai ji ta tawa, da na ce masa uwar ba ta gaji da aikin ba. Tsintar waɗannan ne ke gajiyar da ita."

Ta ce ta gama, aka tafa mata, aka kaɗa ƙararrawa.

Ɗalibai suka fara fita suna tattaka takardun. Ta dubi ƙasan ɗakin ta ga ya yi kaca-kaca, hannunta ya kai ga tsintsiya tun kafin ta yi tunani. Ta duƙa ke nan sai ta ga takalmin da ta sani a gabanta. Abokan Auta uku suna bakin ƙofa suna jiransa.

Auta ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da wata takarda mai kusurwa uku, sabuwa fil, ya sake ta a kan tsibin.

"Ba a ma buga wasan ba tukuna," in ji shi a hankali.

"Kai, zo mu tafi mana," in ji ɗaya daga cikin abokan.

"Ku je," in ji Auta. "Zan taya Ummata."

Ya karɓi tsintsiyar daga hannunta. Bai iya shara ba, yana ta tayar da ƙura, amma ba ta gyara masa ba. Ta riƙe masa bakin buhun.